Jirgi Ya Sauka, Waya Ba Sabis: Inda Matsalar Take

A filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina, abin da alhaji ke fara lalubowa bayan fasfo shi ne waya. Yana son ya shaida wa gida cewa an sauka lafiya. Sai ya kunna, ya zuba wa saman gilashin ido, sandunan sabis su ƙi fitowa. A maimakonsu sai rubutun Turanci: No Service, ko Emergency calls only. Na kusa da shi kuwa, wanda suka taso a jirgi ɗaya daga Kano, kuma layinsu na kamfani ɗaya ne, tuni yana ta gaisawa da iyali. A shekarar 2023 kujerun aikin Hajji 95,000 Saudiyya ta ware wa Najeriya, ban da masu Umara da ba sa yankewa duk shekara. Don haka wannan ƙaramin tashin hankali yana maimaituwa sau da yawa, kuma kusan kullum wayar ake ɗora wa laifi.

Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Abubuwa uku ne daban-daban ke iya tsaya wa matafiyi: izinin da kamfanin layinsa ya ba shi ko bai ba shi ba, saitin da ke cikin wayar, da kuma kullen da wani kamfani na wata ƙasa ya yi wa wayar tun kafin ta shigo hannunsa. Kowanne da alamarsa, kowanne da maganinsa. Wanda ya cakuɗa su zai yi ta kashe waya yana kunnawa har batir ya ƙare.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙoƙin farko kafin sauran bayani ya zauna. A cikin kowane sim akwai wata lamba wadda ba ita ce lambar da ake kira ba, yawanci mai alƙaluma 15. Ukun farko suna nuna ƙasa: 621 Najeriya, 614 Nijar, 420 Saudiyya. Na gaba da su suna nuna kamfani. Idan wayar ɗan Najeriya ta farka a Jidda, babu turken MTN ko Airtel ko Glo da za ta kama. Abin da take ji a iska shi ne STC da Mobily da Zain. Sai ta gabatar da kanta ga ɗaya daga cikinsu. Shi kuma kamfanin Saudiyyan ba ya karɓarta haka kawai, sai ya aika tambaya can Najeriya: wannan layin naku ne, kuma kun yarda ya yi aiki a nan a kan lissafinku? Tamkar baƙon da ya sauka a gidan fatoma ne, wanda ba za a shimfiɗa masa tabarma ba sai maigidansa na can garinsu ya tsaya masa. Idan amsa ta dawo da "e", sanduna su fito. Wannan tsari shi ake kira romin. Idan amsa ta dawo da "a'a", ko kuma kamfanonin biyu ba su da yarjejeniya tsakaninsu, waya ta zauna shiru.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake. A cikin saitin kowace babbar waya akwai wani makunni mai suna Data Roaming. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne ke buɗe layi a ƙasar waje, sai su yi ta kunna shi suna jiran sanduna. Aikinsa ɗaya ne tak: ya ba waya damar shiga intanet a kan netwok ɗin baƙon kamfani. Ko yana kashe, layin da ke da izini zai nuna sanduna, kira zai shigo, saƙon tes zai shigo. Idan kuwa babu sanduna kwata-kwata, kunna shi ba ya ƙara komai, domin izinin ba a cikin wayar yake ba, yana can a rumbun bayanan kamfanin gida. Wasu layukan suna zuwa da izinin a buɗe, wasu sai an nema, wasu tsare-tsaren kuma suna buƙatar a samu kuɗi a layin. Layin da aka riga aka rufe a gida, misali saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba, ba zai farfaɗo don ya ƙetare Bahar Maliya ba.

A ɗauki misalin wata hajiya daga Katsina da ta sauka a Madina da waya ƙirar Samsung mai sim biyu. Awa ɗaya da sauka, gilashin yana nuna Emergency calls only. Wannan rubutun kansa labari ne mai daɗi, domin yana nufin wayar tana jin turakun Madina sarai, eriyarta ba ta lalace ba. Karɓarta ne ba a yi ba. Abin da ɗan rakiyarta ya kamata ya fara dubawa shi ne alamar jirgin sama da aka kunna lokacin tashi. Ya kunna ta, ya ɗan dakata, ya kashe, domin hakan yana tilasta wa waya ta sake neman netwok daga farko. Rajistar farko a baƙuwar ƙasa takan ɗauki 'yan mintuna, don haka a ɗan ba ta lokaci. Idan shiru, sai a bi wannan hanyar:

```
Settings > Connections > Mobile networks > Network operators
```

A nan zai kashe Select automatically. Wayar za ta yi bincike na minti ɗaya ko biyu, ta jero sunayen kamfanonin da take ji. Sai ya taɓa na farko ya jira. Idan ya ƙi, ya gwada na biyu, sannan na uku. Ba dole ne kamfanin gida ya kasance yana da yarjejeniya da dukkansu ba, kuma ba mamaki STC ya ƙi, Mobily ya karɓa, ko akasin haka. A iPhone ana samun wannan a ƙarƙashin Network Selection, cikin sashen Cellular, wanda wasu wayoyin ke rubutawa Mobile Service.

Akwai dalilin da ya sa zaɓen da hannu yake aiki a inda kashewa da kunnawa suka gaza. Idan wani netwok ya taɓa cewa bai yarda da layi ba, sim ɗin yakan rubuta sunansa a wani ɗan jerin netwok ɗin da aka hana shi, kuma daga nan wayar ba ta sake gwada shi da kanta. To, a ce layin hajiyar ba shi da izini lokacin da ta sauka, sai ɗanta a Katsina ya je ofishin kamfanin aka buɗe mata. Wayar ba za ta san an yi hakan ba. Za ta ci gaba da kauce wa kamfanonin da suka kore ta ɗazu. Sai an zaɓi ɗaya da hannu, ya karɓa, sannan sunansa ya fita daga jerin. Mutane da dama kan yanke ƙauna a daidai wannan gaɓa, alhali saura taɓawa ɗaya.

Idan dukkan kamfanonin uku sun ƙi, magana ta koma gida. Babu abin da mai gyaran waya a Madina zai iya yi. Lambar 300 da ake kiran masu kula da abokan hulɗa da ita a Najeriya ma ba lalle ta shiga daga waje ba, balle ga layin da ba shi da sabis. Abin yi shi ne a hau wayifai na filin jirgi ko na masauki, a tuntuɓi kamfanin ta manhajarsa, ko a sa wani a gida ya bi sawu.

Wani lokaci kuma sanduna sun cika, amma kira ya ƙi tafiya, sai a ce ai layin bai buɗe ba. Ya buɗe. Lambar ce aka adana ta yadda ake kiranta a gida, da sifili a gaba. A Saudiyya, lambar da ta fara da 0803 ba ta nufin komai. Sai an cire sifilin an sa +234 a gabanta, ko +227 ga lambobin Nijar, ko +233 ga na Gana. Lambar da aka adana da alamar + tana aiki a gida da waje duka, don haka gyara ne na sau ɗaya. Daban kuma da abin da ke faruwa a Mina da Arfa, inda cunkoson jama'a kan sa kira ya yi ta katsewa duk da sabis ya cika. Wannan ba laifin saiti ba ne, kuma a irin lokacin gajeren saƙon tes ya fi saurin ratsawa.

Samun romin ɗin ma ba shi ne ƙarshen zance ba, saboda tsada. A ƙasar waje ana cajin mai layi idan ya kira, kuma a mafi yawan tsare-tsare ana cajinsa ko da shi aka kira ya ɗauka. Wannan ne ke ba mutane mamaki: 'yan uwa suna ta kira suna barka da sauka, kuɗin alhaji yana ta zarewa. Data ta fi muni. Garaɓasar wata-wata da aka saya a gida galibi ba ta bin mutum waje, sai a koma cajinsa daga kuɗin kira a farashi mai zafi. Wayar zamani kuwa ba ta jiran izini. Da ta ga intanet za ta hau sabunta manhajoji, ta sauke bidiyon zaurukan WhatsApp, ta tura hotuna ma'ajiya. Shi ya sa barin Data Roaming a kashe shi ne daidai ga duk wanda bai sayi tsarin data na musamman don ƙasar da ya je ba. Mazauna Jibiya da Illela da Maigatari sun san wannan ba tare da sun hau jirgi ba, domin a bakin iyaka waya kan tsallaka ta kama turken Nijar mai ita yana zaune a ƙofar gidansa. Maganinsu shi ne wancan zaɓe da hannu: a ɗaure wayar a kan kamfanin gida. Sai dai wanda ya yi haka ya tuna ya mayar da ita kan Select automatically ranar da zai yi tafiya, in ba haka ba zai sauka Jidda wayarsa tana ta neman kamfanin da ba ya ƙasar.

Ga mai zaman makonni, irin na aikin Hajji, layin ƙasar da aka je ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A Saudiyya manyan kamfanonin suna da rumfuna a filayen jirgi da shaguna a Makka da Madina, kuma suna da tsare-tsare na baƙi. Ba a sayar da layi sai da rajista: ana neman fasfo, ana ɗaukar hoton yatsa, a ɗaura layin a kan bayanan shigowar mutum ƙasar. Layin da wani ya miƙo a bakin titi yana cewa an riga an yi masa rajista, da sunan wani aka yi, kuma ana iya rufe shi kowane lokaci da kuɗin mutum a ciki. Kafin a bar gaban kanta, a sa layin, a ga sanduna, a kira lambar abokin tafiya, a kashe wayifai a buɗe wani shafi. Idan kira yana tafiya amma intanet ya ƙi, yawanci ɗayan biyu ne: ko wayar tana nan tana neman data ta sim ɗin gida, sai a sauya a SIM manager, ko kuma saitin Access Point Names bai shiga da kansa ba, wanda ma'aikacin kantin zai gyara cikin minti ɗaya.

Kada a cire layin gida a jefa cikin jaka. Saƙon banki mai ɗauke da lambar sirri ta tabbatar da ciniki ta kansa yake zuwa, kuma karɓar tes a waje galibi kyauta ne. Tsarin da ya fi dacewa a waya mai sim biyu shi ne layin gida ya zauna don tes kawai, sabon layi ya ɗauki data da kira. WhatsApp kuwa ba ruwansa da sim ɗin da ke cikin waya. Zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambar muddin akwai intanet. Mai zaman wata ɗaya ba shi da dalilin sauya lambarsa ta WhatsApp zuwa ta Saudiyya, domin layin baƙi yana mutuwa bayan wani lokaci, kuma daga baya a ba wani lambar.

Saura abu na uku, wanda ya fi ɗaci saboda ba ya gyaruwa a filin jirgi. An sayi sabon layi, an biya, an sa a waya, sai gilashin ya nuna SIM Not Supported idan iPhone ce, ko ya buɗe akwati yana neman SIM network unlock PIN idan Android ce. Wannan waya a kulle take. A Amurka kamfanoni irin su AT&T da T-Mobile suna ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, sai su kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu har a gama biya. Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disambar 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disambar 2021, amma a Amurka al'adar tana nan. Irin waɗannan wayoyi na hannu suna kwarara kasuwanninmu, daga Farm Centre ta Kano har Computer Village ta Ikeja.

Mai karatu zai ce, to in a kulle take, yaya aka yi tana aiki da layin Najeriya shekara da shekaru? Amsar tana cikin tiren sim. Akwai wani siririn faifai, 'yan kasuwa suna ce masa cip, da ake shimfiɗawa tare da sim ɗin, ya yaudari wayar ta ɗauka layin kamfaninta ne. Shi ya sa a kasuwa ake samun iPhone biyu iri ɗaya, farashinsu da tazara: ɗaya buɗaɗɗiya ce daga kamfani, ɗaya ta cip ce. Ta cip tana iya yin shekaru ba ta ba da matsala ba, muddin ba a taɓa ta ba. Ranar da aka zare layin aka sa wani, ko aka sabunta manhajar wayar, ko aka goge ta, sai asiri ya tonu. Mutane da yawa ba su ma san wayarsu ta cip ce ba, domin mai shago ne ya sa musu layin da hannunsa ranar da suka saya.

Gane ta ba wuya. A iPhone a bi nan:

```
Settings > General > About > Carrier Lock
```

Idan an rubuta No SIM restrictions, a buɗe take. Idan an ga SIM locked, a kulle take. Ga kowace irin waya kuma akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi: a zare tiren, a duba ko akwai wani faifai a jikin sim, sannan a ari layin wani kamfani daban a sa shi kaɗai, a kira. Wayar da ta karɓi MTN da Airtel ba tare da cip ba za ta karɓi STC.

Buɗe kulle kuwa hakkin kamfanin da ya kulle ne. Apple da kansa yana mayar da mai iPhone wurin wancan kamfanin, su kuma ba sa buɗewa sai an cika sharuɗɗansu, ciki har da kammala biyan kuɗin wayar, abin da wanda ya saye ta a hannu na uku ba shi da iko a kai. A Android lamba ake shigarwa, kuma adadin gwajin ƙayyadadde ne, don haka cinke yana iya ƙara rufe ta. Kada a rikita wannan da PIN na sim, wanda ke neman PUK bayan kuskure uku. Wancan na layi ne, kuma lambarsa tana jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. Wanda ya tsinci kansa a Makka da kullalliyar waya, hanya mafi araha ita ce ya mayar da layin gida yadda yake, ya sayi ƙaramar waya ko ɗan akwatin wayifai na aljihu ya sa sabon layin a ciki.

Akwai wani sabon tarko kuma. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton wata alama. Mai irin wannan waya dole ya nemi eSIM a kanti, kuma saukewar tana buƙatar intanet, don haka a yi ta a inda akwai wayifai. Kulle yana hana eSIM kamar yadda yake hana sim na roba.

Ga masu zuwa wasu ƙasashen, akwai ƙarin abu biyu. Ƙaramar wayar nan mai tocila da dattawa ke ƙauna saboda riƙon caji, da yawanta 2G kawai take kamawa. Singafo ta rufe 2G a 2017, Ostireliya ma ta rufe, Japan kuwa ba ta taɓa amfani da irin tsarin 2G ɗinmu ba. A can wayar ba za ta ga ko sunan kamfani ɗaya ba, kowane layi aka sa mata. Wannan ita ce alamar da ke bambanta ta da matsalar izini: an yi bincike da hannu, jerin ya fito fayau. Na biyu ya shafi ɗalibai da 'yan kasuwa masu daɗewa a Turkiyya. Wayar da aka shigo da ita daga waje tana aiki da layin ƙasar na kwana 120, daga nan a toshe lambarta ta IMEI sai an yi mata rajista an biya haraji. Wanda wayarsa ta yi wata huɗu tana aiki a Istanbul sannan ta ɗauke rana ɗaya, ba lalacewa ta yi ba. Ana ganin wannan lamba ta hanyar danna:

```
*#06#
```

Kusan duk abin da aka lissafa a nan ana iya gano shi tun mutum yana gida, inda ofishin kamfani yake kusa kuma ana jin yarensa. Maniyyaci ya ware yini ɗaya a makon da zai tashi: ya je a tabbatar masa layinsa yana da izinin romin a ƙasar da za shi, ya tambayi farashin kira da na ɗauka, ya gwada layin wani kamfani a wayarsa, ya gyara lambobin iyalinsa su fara da +234. Masu raka iyaye sansanin alhazai su yi musu wannan da kansu, su kuma rubuta musu lamba biyu ko uku na gida a takarda su sa a jakar fasfo.